Shekara Biyu a Bayan Ƙwarya

Labarin gajere ne, bai wuce shafi goma ba. Wata matashiyar marubuciya ce ta karanta mana shi a zaman marubuta, kuma ta ce ta gina shi ne a kan abin da kakanta ya sha ba ta na ƙuruciyarsa. A wani gari na kudancin ƙasar Katsina, wajen 1975, wani mutum ya kai ɗan ƙanwarsa maraya mai shekara 12 gidan wani tsohon mai goge, ya ce ga amana. Tsohon ya karɓi yaron, ya nuna masa inda zai kwanta a zaure, ya kuma gindaya masa sharaɗi ɗaya: gogen da ke rataye a bango, ko da wasa kada hannunsa ya taɓa shi. Shekara biyu yaron ya yi yana ɗibar ruwa, yana ɗaukar tabarma da fitila zuwa wurin wasa, yana zaune a bayan maigida yana bugun ƙwarya. Ranar da ya saci jiki ya sauko da gogen ya ja izga sau ɗaya, tsohon ya jiyo daga bayan gida, ya shigo ya hana shi tuwon dare.

Da ta gama, kusan duk matasan da ke wurin sun yanke wa tsohon hukuncin mugunta. Ni ban iya bin su ba, domin na tashi a lokacin da ake jiyo goge da dare daga wajen tasha, na kuma zauna da masu sana'ar har na ga yadda suke da yaransu. Tsananin tsohon nan kashi biyu ne. Akwai wanda gogen kansa ya tilasta, akwai kuma wanda zamani da talauci suka ɗora a kai. Wanda bai raba su ba zai yi wa tsohon rashin adalci, ko kuma ya yi wa yaron.

Sai an dubi gogen da kyau kafin a gane kashin farko. Rabin ƙwarya ne, wanda masu sana'ar ke kira kumbo, an rufe bakinsa da fatar guza, an huda rami a gefen fatar don sauti ya fita. Sanda ta ratsa kumbon ta ɗan leƙo ta ƙasa. Tsirkiyarsa ɗaya ce tak, kuma ba zare guda ba ce, damin gashin wutsiyar doki ne da aka jera aka ɗaure daga wannan ƙarshen sanda zuwa wancan. A kan fata akwai ɗan icce da ke tallafe da tsirkiya, shi ne jaki. Abin gogawa kuwa lanƙwasasshen ƙarfe ne ko icce da aka ɗaura wa irin gashin, ana ce masa izga ko tambara, ana kuma shafa masa ƙaro don ya kama tsirkiya. Abin lura shi ne babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa mai koyo inda zai sa yatsa. Ba a ma danne tsirkiyar har ta taɓa sanda. A sarari take, yatsu na taɓa ta kawai, kuma idan yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, ko ya ƙara nauyi kaɗan, muryar ta kauce. Mai fiyano idan ya danna wuri ɗaya yau da gobe, sauti ɗaya zai ji. Mai goge ba shi da ma'auni sai kunnensa.

To, kunnen nan shi ake ginawa a shekaru biyun da yaron ya ɗauka bauta ce. Ɗan ƙwarya yana zaune dab da maigida, ya kifa babbar ƙwarya a gabansa, yana bugunta da 'yan sanduna. Aikinsa ya riƙe taki kada ya motsa, yayin da gogen ke tafiya gaba ya dawo, ya ja murya ya sake. Dare bayan dare yana jin kiɗa ɗaya daga wurin da ya fi kowa kusa da shi. Yana amsa waƙa, saboda haka muryoyin gogen suna zama a maƙogwaronsa tun kafin su zo yatsunsa. Yana ganin lokacin da maigida ke sauya kiɗa don wani ya shigo fili, yana koyon taken mutane da na sana'o'i. Wanda ya riga ya san yadda kiɗa ya kamata ya fita, ranar da ya riƙe goge zai ji kuskurensa da kansa. Wanda aka miƙa wa goge tun ranar farko kuwa zai saba da karkatacciyar murya, ya ɗauka daidai ce, kuma fitar da ita daga hannunsa ya fi koya masa daga fari wuya. Marubuciyar ta sa wa tsohon magana guda a kan wannan, ba ta ƙara ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, yaushe zan fara koyo?" Tsohon ya ce, "Kai yaro, me kake yi tun bara?"

Wurin da labarin ya fi ƙarfi a ganina shi ne ranar da tsohon ya yarda, domin bai miƙa masa nasa gogen ba. Cewa ya yi ya haɗa nasa. Ya aike shi kasuwa neman kumbo, ya mayar da shi har sau uku. Na farko ya yi kauri, zai danne sauti. Na biyu yana da tsaga siririya da ba a gani sai an ɗaga shi a rana, kuma irin wannan tsagar ita ke sa goge ya riƙa zuza kamar an saka masa ƙuda a ciki. Na uku bakinsa ba daidai yake ba, fata ba za ta kwanta a kansa da ƙarfi ɗaya ba. Da aka dace, sai fata. Ana jiƙa ta ta yi laushi, a shimfiɗa a bakin kumbo, a riƙa ja ana kafewa ta ɓangarori masu fuskantar juna, nan sannan can, don kada jan ya taru a gefe guda. Daga nan a bar ta ta bushe a inuwa. Yaron ya ƙosa, ya kai tasa rana tsaka, ta ɗaure da sauri ta yage daga bakin ramin, sai da ya koma wurin mafarauta.

Tsirkiya ta fi komai cin rai. Tsohon ya ce gashin ingarma zai nemo, domin a wurinsa na goɗiya fitsari ya riga ya raunana shi. Aka wanke gashin don maiƙo ya fita, sannan yaron ya zauna yana tsince shi ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da mai ƙulli da mai karaya da gajere. Dalilin wannan wahala a fili yake ga wanda ya taɓa jin goge mara kyau. Gashin da ke cikin damin dole su ɗauki ja iri ɗaya. Idan wasu sun ɗaure wasu sun saki, kowane rukuni zai yi tasa muryar, sai a ji sauti biyu suna faɗa da juna, kuma babu ƙwarewar yatsa da za ta gyara wannan. Da aka ɗaure, sai tsohon ya nuna masa ɗan ƙahon da ake cusawa tsakanin tsirkiya da ƙarshen sanda. A tura shi ciki, tsirkiya ta ƙara ɗauri, murya ta hau. A ja shi baya, ta sauka. Da wannan ake daidaita goge da muryar mai waƙa, shi ya sa gogen wannan gida da na wancan ba lallai su tashi daga murya ɗaya ba.

Akwai wani dare a labarin da nake ganin ya kamata duk mai sha'awar sana'ar hannu ya karanta. Damina ce, an yi ruwa da yamma, ana shirin fita wasan biki, yaron ya ɗauko gogensa ya ja, sai ya ji muryar ta dushe kamar ta mai mura. Ya ƙara ƙaro, abin ya ƙara lalacewa, yanzu ga dushewa ga karta. Ya tura ƙaho, muryar ta hau amma ba ta washe ba, gashi biyu suka tsinke. Tsohon yana kallonsa bai ce uffan ba, sai da yaron ya kusa kuka ya ce, "Ƙwanƙwasa fatar." Yaron ya ƙwanƙwasa da farce, ya ji ta amsa a mace. Laima ce ta shiga fatar ta saki, jaki ya ɗan nutse, don haka girgizar tsirkiya ba ta isa kumbo da ƙarfi. Maganin shi ne a kai fatar kusa da garwashi, ba dab ba, ana juyawa ana ƙwanƙwasawa har ta dawo da ƙararta, sannan a sassauta ƙahon da aka tura, domin fata idan ta ɗaure takan ɗaga jaki, tsirkiya ta ƙara tsauri da kanta. Ƙaron da ya yi yawa kuma a share shi da busasshen tsumma.

Abin da yaron ya koya a daren ya wuce gasa fata. Ya koyi cewa kowace cuta da alamarta, kuma akwai jerin da ake bi. Idan izga na sulɓewa tana fito, ƙaro ya yi kaɗan, ko kuma hannu mai maiƙo ya taɓa gashin, shi ya sa ba a cin ƙosai a ɗauki goge. Idan tana karta, ƙaro ya yi yawa ko hannun dama ya yi nauyi. Idan ana jin zuza, a duba tsaga ko wani gashi da ya saki. Idan kuwa muryar gaba ɗaya ta dushe, daga fata ake farawa. Da tsohon ya faɗa masa tun farko, da ya gyara a minti biyar ya manta. Shirun ya yi wa yaron ciwo, amma ni ban ga mugunta a cikinsa ba.

Bayan wannan ne aka zo kan yatsu, kuma nan ma ba da waƙa aka fara ba. Watanni ya yi yana jan izga a kan tsirkiya ba tare da ya sa yatsa ba, har sai da sautin tafiya da na dawowa suka zama ɗaya, ba a jin inda hannu ya juya. Sannan yatsu huɗu, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda da muryar tsirkiyar kanta suka ba shi muryoyi biyar da yawancin kiɗan ke yawo a kansu. Sai babban darasi, wato sa goge ya yi magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma gaɓoɓinsa akwai dogaye akwai gajeru. Mai goge yana bin wannan karin ne har mai sauraro ya ji kalmomi ba tare da an buɗe baki ba. Tsohon ya fara masa da gaisuwar baƙo. "Sannu da zuwa" gaɓa biyar ce: ta farko ƙasa, ta biyu sama, ta uku ƙasa, ta huɗu sama, ta ƙarshe ta sauko ta ja tsawo. Yatsun hagu ne ke ba da hawa da sauka, izga kuma ita ke yanka gaɓoɓi ta ba kowace tsawonta. Jarrabawar ita ce a kira matar gidan, wadda ba a gaya mata komai ba, ta tsaya a bakin zaure. Idan ta amsa da "yawwa", ya ci. Kwanaki ta yi tana zuwa tana komawa ba ta ji komai ba.

Wannan fasaha ita ce jarin mai goge. Da ita yake kiran mutum da takensa a tsakiyar taro, mutumin ya miƙe ya shigo fili ya yi kari. A wurin 'yan bori kuma abin ya fi haka nauyi, domin kowane iska da kiɗansa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, kuma mai gogen da ya haɗa su ya kunyata kansa da maigidansa. Tsohon da zai saki yaro ya shiga irin wannan fili da sunan gidansa, ba abin mamaki ba ne ya tsananta.

Kashi na biyu na tsananin kuwa ba zan kare shi ba. Hana maraya tuwo bai ƙara wa kunnensa komai. Dukan yatsu da bayan izga, wanda labarin ya nuna, yana sa hannu ya ƙage, alhali goge sakakken hannu yake so. Akwai kuma maganar kuɗi. Duk abin da aka samu a wasa hannun maigida yake shiga, shi ke raba wa yara yadda ya ga dama, kuma na san an yi iyayen gida da suka riƙa jan lokacin koyo da gangan don kada su rasa ɗan ƙwarya, ko don kada yaro ya zama kishiya a gari ɗaya. Marubuciyar ba ta ɓoye wannan ba. Ta nuna yaron yana ƙirga kuɗin da aka liƙa masa a goshi yana miƙawa duka, a mayar masa da abin da bai kai kuɗin takalmi ba. Amma ta kuma nuna abin da matasan zaman marubutan suka tsallake: tsohon ne ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi jinyarsa da ya kwanta, kuma a irin wannan tsari maigida ne ake sa ran zai yi wa yaronsa auren fari.

Na tuna yadda ƙasar take a lokacin da labarin ya zaɓa. Sunan Garba Liyo na Funtuwa ya kai ko'ina. Kukuma, ƙaramar 'yar'uwar goge, ta samu maza irin su Ibrahim Na Habu da Garba Supa a Kano, da Hassan Wayam a Zariya, ana jin su a rediyo da faifai, daga baya a kaset. Duk da haka sana'ar ba ta taɓa samun cikakken mutunci a ƙasar Hausa ba. Tun zamanin jihadin 1804 malamai ke sukar goge saboda bori da taron maza da mata, kuma a birane ya zauna ne a gidajen magajiya da otal da bakin tasha. Mutum zai yi rawa da kiɗan da dare, da safe ya ƙi ba mai kiɗan 'yarsa. Wannan ma yana cikin abin da ya taurara tsofaffin. Wanda jama'a suka raina sana'arsa, abin da ya rage masa na taƙama shi ne a ce babu wanda ya iya ta kamarsa. A Dagomba ta arewacin Gana lamarin ya sha bamban. Can goge kiɗan fada ne, gadon gida ne, masu shi suna da sarautarsu a fadar Yendi, kuma yaro yana koyo ne a hannun ubansa ko baffansa ba tare da ya ji kunyar abin da yake riƙe da shi ba.

Sauyin da ya zo mana ta fuska biyu ya zo, kusan lokaci ɗaya. Daga 1999 da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, wasu jihohi suka biyo baya, an rufe yawancin wuraren da goge ke kwana, bori kuma ya koma bayan ƙofa ko ƙauye. A daidai wannan lokaci finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ya shiga situdiyo, yaro ɗaya ya iya fitar da sautin da ke kama da goge da kalangu da sarewa a zama guda. Bikin da a da zai gayyaci mai goge da 'yan ƙwaryarsa da 'yan amshi, yanzu lasifika yake haya. Ba na cikin masu cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Makarantar goge filin wasa ce, kuma ajin farko shi ne bayan ƙwarya. Idan maigida ba ya fita wasa sai jefi-jefi, ba shi da abin ciyar da yaro, yaron kuma ba shi da inda zai zauna ya saurara dare bayan dare. Hatta kayan haɗin sun yi wuya. Dawakai sun ragu a hannun talakawa, guza ta yi nisa da gari, har na ga gogen da aka ɗaura wa zaren kamun kifi, wanda ba ya jin laima amma ba ya kama ƙaro kamar gashi.

Har yanzu ana samun matasa masu ɗaukar goge, wasu a ƙungiyoyin al'adu na jihohi, wasu a jami'a, da yawa kuma daga waya suke koyo. Wayar ta yi musu abin da ba a yi wa yaron labarinmu ba, domin suna iya maimaita kiɗan gwani sau ɗari ba tare da tsawa ba, kuma babu mai ɓoye musu wani take. Amma idan ka saurare su da kyau za ka ji inda giɓin yake. Karin waƙar yana nan, sai dai ana jin juyawar izga, yatsa na uku yakan ɗan gaza kaiwa inda ya kamata, kuma idan ka ce su kira sunanka da gogen sai su tsaya. Kuskuren da kunnen mutum ya saba da shi, ba ya jinsa, sai wani ya tsayar da shi.

Buzaye sun fuskanci irin wannan da nasu gogen, imzad, wanda mata ke kaɗawa. Da tsofaffin gwanaye suka kusa ƙarewa, aka buɗe makaranta a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, aka zaunar da su suna koya wa 'yan mata haɗawa da kaɗawa, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin gadon al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya. Irin wannan tsari yana cire yunwa da bulala daga koyo, ya bar tsohon da kunnensa, kuma wani ne ke biyansa maimakon ya ci guminsa daga yaro. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne fili mai jama'a, inda ɗan koyo zai riƙe ƙwarya har asuba, ya ga yadda mai rawa ke jan mai kiɗa. A Maraɗi da ƙauyukan Gobir da na Katsina akwai sauran tsofaffin da suka yi irin wannan koyo tun daga tushe, kuma mafi yawan waɗanda na sani ba su da yaro ko ɗaya a zaure.